Sikelin Husna

Yaya Raliya ba ta iya yabo ba. Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da hurumin faɗa. Idan ka yi abin kirki a gabanta, iyakarta ta dube ka ta ce, "To." Wannan "to" ɗin shi ne lambar yabonka, sai ka riƙe shi da kyau don ba kullum ake samu ba.

A nan Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, aka haife mu, a gidan mahaifinmu Alhaji Maikuɗi, wanda sunan kawai ya ci, dillalin goro ne mai rufin asiri. Tun muna yara ita ce mai littafi, ni ne mai yawo. Ta yi Islamiyya da mu, ta yi boko da 'ya'yan Yarbawa, ta iya Yarbanci har idan tana ciniki a kasuwar Mokola ba mai cewa Bahaushiya ce sai an ga lulluɓinta. Da ta gama digiri aka yi mata aure, ta haifi biyu, ta koma ta yi digiri na biyu da goyo a baya, ta yi na uku furfura ta fara leƙowa. Yanzu lakcara ce a sashen tattalin arzikin noma a wata jami'a a nan Ibadan. Ni kuwa albasa nake sayarwa a kasuwar Bodija, kuma ban taɓa jin na gaza ba.

A makaranta Dakta suke ce mata. A Sabo kuwa Anti Raliya ce, wadda ake kai wa fom ta cike, a kai mata sakamakon asibiti ta fassara, a kai mata yaron da ya ƙi karatu ta yi masa ido. Duk Lahadi da la'asar nakan je gidanta in ci tuwo, domin matata ta ce miyar kukarta ba ta kai ta Yaya ba, ni kuma ban musa ba. A irin wannan zuwan ne na ga abin da zan ba da labari.

Husna 'yar Amariya ce, mai sayar da waina a bakin layinmu, ƙawar Yaya tun suna 'yanmata. Yarinyar ta taso a gaban idonmu, ta shiga sashen da Yaya take koyarwa, kuma Yaya ce ta duba mata binciken kammala digiri. Bayan ta gama bautar ƙasa sai ta nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar Holland, irin wanda ake biya wa ɗalibi komai, daga kuɗin makaranta har na jirgi. Ba tare da wannan tallafin ba, ko tashar mota kuɗin waina ba zai kai ta ba. Ana buƙatar malamai biyu su rubuta mata takardar shaida. Shugaban sashe ya riga ya tura tasa, kuma kowa ya san irin tasa: ɗalibai ɗari, wasiƙa ɗaya, suna kawai ake canzawa. Saura ta Yaya, wadda ita ce ta san yarinyar da gaske, kuma a ƙarshen makon za a rufe.

Yadda lakcarori da yawa suke yi, Yaya ta ce wa Husna ta rubuto daftari ta kawo, ita kuma ta gyara. Ranar ina zaune da kwanona Husna ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe mu, ta miƙa takarda da hannu biyu. Yaya ta sa tabarau ta karanta da Turanci, ni kuma na ce a juya mini, don Turancina na kasuwa ne.

"Ta ce yarinya ce mai ladabi da biyayya," in ji Yaya. "Mai haƙuri, mai girmama na gaba, mai ƙwazo, mai gaskiya da riƙon amana. Ba ta taɓa saɓa wa malamanta ba. Ina ba da shaidarta ba tare da wata shakka ba."

Na ce, "Ai kuwa ta yi kyau. Ni da zan samu mai faɗa mini rabin wannan, da na ƙara aure."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye takardar a kan gwiwarta.

"Husna, ke kika rubuta wannan?"

"Na duba wasu a intanet, Anti, sai na haɗa."

"Idan na goge sunanki na sa na Manniru, akwai abin da zai canza?"

Manniru ni ne. Husna ta saci kallona ta sunkuyar da kai. Na ce ni dai ban yarda da maganar haƙuri ba, sauran duk nawa ne.

Yaya ta yi mata bayani a hankali, kuma ni ma a nan na fahimta. Mutanen da za su karanta wasiƙar ba su san Husna ba, ba su san Yaya ba, ba su san Sabo ba. Gabansu tulin wasiƙu ne, kowace tana cewa ɗalibinta ƙwararre ne. Kalmar yabo ba ta da tsada, kowa na iya rubutawa, shi ya sa ba ta sayen komai. Abin da suke nema shi ne wanda zai ce: na san ta tun lokaci kaza, na koyar da ita darasi kaza, na ga ta yi abu kaza da idona, kuma idan na jera ta da sauran waɗanda na koyar, ga inda take tsaye. Sannan ta ƙara da abin da ya ba ni mamaki. Ta ce ladabi da biyayya da rashin saɓa wa malami, a wurinmu su ne ƙololuwar yabo, su muke faɗa idan an zo binciken aure. Amma masu neman ɗan bincike idan suka ga wasiƙa ta tsaya a nan, sai su ɗauka malamin ya rasa abin faɗa ne game da kan yarinyar, shi ya sa ya koma yabon halinta.

"Je ki kawo mini kundinki da sakamakonki da takardar da kika rubuta musu kan abin da kike son karantawa," ta ce. "Ni zan rubuta da kaina."

Na koma ranar Laraba don kai wa Yaya albasa, na same ta a falo da kwamfuta a cinya, fuska a murtuke. Ta rubuta sakin layi na farko, kuma ya yi daidai: ita wace ce, darussa biyun da ta koyar da Husna, makin da ta ci a kowanne, da cewa ita ta duba bincikenta. Har ta rubuta cewa unguwarsu ɗaya kuma ta san gidansu, don kada wata rana a ce ta ɓoye. Daga nan kuma sai ta cije. Na leƙa na ce ta karanta mini abin da ya biyo baya. Ta karanta: ɗaliba ce mai himma, mai hazaƙa, mai zurfin tunani.

Na ce, "Yaya, wannan ai ta Husna ce aka sa wa babbar riga."

Ta harare ni, amma ba ta musa ba. Ni kuwa na san abin da ya tsaya mata a wuya, domin a rumfata aka fara shi.

Shekarar da Husna take ajin ƙarshe, Yaya tana wani bincike kan yawan albasar da ke lalacewa tsakanin saukowarta daga mota da sayar da ita. Ta tsara tambayoyi a takarda, ta raba wa ɗalibanta su bi 'yan kasuwa a Bodija da Shasha. Tambaya ɗaya ita ce: a cikin kowane buhu, kamar nawa ne yake lalacewa? Duk wanda ya san mu ya san amsar. Ka tambayi ɗan albasa asararsa, zai ce maka, "Alhamdulillahi, ɗan kaɗan ne." Ba ƙarya yake yi ba. Ba a zama a rumfa ana lissafa asara a gaban baƙo, kamar kana ƙorafi da abin da Allah Ya ba ka. Bayan haka kuma, wadda ta fara laushi muka ware muka sayar wa masu abinci a rabin kuɗi, mu ba ma kiranta asara, tunda an sayar. Sai wadda aka zubar a bola kawai muke ƙirgawa.

Ɗalibai suka tattaro amsoshi, lissafi ya fito tsaf, asara 'yar kaɗan. Yaya ta rubuta maƙala a kai, tana shirin turawa mujalla. Ranar da ake gabatar da bincike a sashe, gaban malamai da ɗalibai, aka zo kan Husna. Maimakon ta karanta nata ta zauna, sai ta ce ita ba ta yarda da alƙaluman ba, domin tambayar ba ta auna abin da ake son aunawa. Ta ce ta ari sikelin rataye, ta zauna a rumfuna lokacin da ake zazzage buhu ana zaɓe, ta auna mai kyau daban, mai laushi daban, ruɓaɓɓiya daban, ta kuma rubuta farashin da aka sayar da kowace. Abin da ta samu ya kusa ninka abin da takardar tambayoyin ta nuna. Sikelin nawa ne, kuma har yau ƙugiyarsa a lanƙwashe take.

A gaban mutane ta faɗa. Yarinyar da Yaya ta goya ranar sunanta. Yaya ta ba ta makin da ya dace, mafi girma a shekarar, ta janye maƙalarta ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta sake aikin da hanyar sikeli, ta sa sunan Husna a kai. Ta yi adalci ta kowace fuska. Amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa yarinyar "kin yi daidai" ba, kuma tun daga ranar gaisuwarsu ta zama gajera. Abin ya yi mata ciwo, kuma na san ya yi, domin wata guda ba ta tambaye ni labarin kasuwa ba.

Na ce mata, "Ki rubuta zancen sikelin mana."

"Na sani," ta ce. "Tun Lahadi na sani."

"To me ya hana?"

"Manniru, in rubuta shi yadda zai yi amfani, sai na ce tambayata ce ba daidai ba. Da sunana, a kan takardar jami'a, zuwa ga mutanen da suke karanta aikina."

Na so in yi mata tsiya, amma na ga ba ranar tsiya ba ce. Mace ce da ta sha wuya kafin a kira ta Dakta. Ta yi shekaru a sashen da ita kaɗai ce Bahaushiya, kullum tana jin kamar kuskure ɗaya ya isa a ce ai dama. Na tausaya mata ƙwarai. Na ajiye albasar a kicin na tafi.

Washegari ta aiko a kira ni, wai in zo in tabbatar mata da wasu abubuwa na kasuwa. Na tarar da Husna a zaune a kan tabarma, da uwarta Amariya, wadda ta biyo ta da kwanon waina don godiya. Yaya ta ce a ƙa'ida wasiƙar sirri ce, ita za ta ɗora ta da kanta ta hanyar da jami'ar ta turo mata a imel ɗinta na aiki, Husna ba za ta gani ba. Amma akwai sakin layi ɗaya da take son a tabbatar mata babu kuskure a ciki, domin duk abin da ta rubuta ana iya tambayar Husna a kai ranar ganawa. Sai ta karanta da Turanci, sannan ta juya da Hausa saboda ni da Amariya.

"Na tsara tambayoyin da ɗalibaina suka yi amfani da su, kuma akwai kuskure a cikinsu wanda ban gani ba. Husna ce ta gano shi. Ta lura cewa 'yan kasuwa ba sa ƙirga albasar da suka sayar da araha a matsayin asara, sai ta bar tambaya ta koma awo. Ta auna buhu sittin a kasuwanni biyu, ba tare da wani ya sa ta ba. Ta faɗi sakamakonta a gaban sashe, alhali ta san ya saɓa wa nawa. Na duba aikinta na ga ita ce da gaskiya, na janye maƙalata na sake ta da hanyarta. A cikin ɗalibai kusan tamanin da na duba bincikensu, tana cikin ukun farko, kuma ita kaɗai ce ta taɓa sa ni canza hanyar aikina."

Ta ɗaga kai ta ce, "Sittin ne ko?"

Husna ta ce, "Hamsin da huɗu ne, Anti. Shida ruwa ya taɓa su, na cire."

Yaya ta gyara nan take. Ta ce gara hamsin da huɗu na gaskiya, domin lamba mai tsafta da yawa tana kama da ƙirƙira. Ta kuma ce ta rubuta cewa Husna ba ta yi nisa a manhajar lissafin ƙididdiga ba, da hannu da kalkuleta ta yi yawancin aikin, kuma wannan na cikin abin da karatun can zai ba ta. Na ce wannan kuma ai tonon asiri ne. Ta ce wasiƙar da ba ta san ko rauni ɗaya na ɗalibi ba, ba ta san ɗalibin ba, kuma wannan rauni ne da ake gyarawa a zango ɗaya.

Sai Amariya ta gyara mayafinta.

"Raliya, tsaya. Wato rubutawa kika yi yarinyar nan ta yi miki gardama a gaban mutane?"

"Haka aka yi."

"Ni ban san an yi ba sai yau." Ta juya ga 'yarta. "Ke, haka na koya miki? Wadda ta riƙe ki kamar ita ta haife ki?" Ta sake juyowa. "E jo, Raliya, don Allah ki goge. Ki yafe mata, ki rufa mata asiri. Wa zai ɗauki yarinyar da malamarta ta ce ba ta da kunya? Ki rubuta tana da ladabi kawai, abi, ko ba ta da shi ne?"

"Tana da shi, Amariya. Amma ba shi suke nema ba."

"To su wane irin mutane ne?"

Ni kaina a raina ina tare da Amariya rabi. Idan yaron rumfata ya ƙaryata ni a gaban mai saye, ba zan rubuta masa takardar yabo ba. Kuma tsoronta ba na banza ba ne: ita duniyar da ta sani, a nan ake rasa miji da aiki da mutunci saboda kalma ɗaya irin wannan.

Husna ce ta yi magana, idonta a ƙasa. "Anti, ni ba don kaina ba. Idan zai taɓa sunanki, a cire. Na daɗe ina son in ba ki haƙuri. Da ofis ya kamata in same ki, ba a gaban mutane ba."

"Da ofis ya kamata," in ji Yaya. "Wannan gaskiya ne, kuma ki riƙe shi don gaba. Amma awonki daidai ne. Ban taɓa gaya miki ba. Daidai ne."

Husna ta rufe fuska da mayafi. Ni kuma na ga ya dace in duba wainar nan kafin ta huce.

Yaya ta buga wasiƙar a takarda mai tambarin sashe, ta sa hannu, ta ɗora ta ranar Juma'a kafin masallaci, ba ta cire ko kalma ba. Amariya ta yi fushi na gaske. Ta daina aiko da waina, idan sun haɗu a layi sai gaisuwar fatar baki. Watannin jiran nan sun yi wa Yaya nauyi, domin ta san idan ba a ɗauki yarinyar ba, a Sabo ba za a ce gasa ce ta yi zafi ba, za a ce Raliya ce ta rama da alƙalami. Ita ma kanta ba ta da tabbas. Ta gaya mini cewa wasiƙa mai kyau ba ta ba mutum gurbi, iyakarta ta sa a tsaya a dube shi.

An tsaya an duba. Suka kira Husna ganawa ta bidiyo, ta yi ta a falon Yaya saboda can ne intanet ba ya yankewa, mu kuma muna tsakar gida kamar masu jiran haihuwa. Da ta fito ta ce bayan gaisuwa, tambayar farko da wata farfesa ta yi mata ita ce ta yaya ta raba albasa mai laushi da ruɓaɓɓiya, kuma me ya sa ta cire buhu shida. Rabin ganawar a kan wannan aka yi. Bayan wasu makonni saƙo ya zo sun ɗauke ta, da tallafin gaba ɗaya.

Ranar da za ta tafi Legas ta hau jirgi, mun taru a ƙofar gidan Amariya da safe, keke napep yana jira da akwati. Mata suna ta addu'a, Husna tana bin kowa tana durƙusawa. Da keken ya sha kwana, mutane suka watse, aka bar Amariya tsaye kusa da tandarta da ba ta hura ba ranar. Yaya ta je ta tsaya gefenta. Sun daɗe ba su tsaya haka ba.

"Tun tana ƙarama nake koya mata ta yi shiru a gaban manya," in ji Amariya, tana kallon hanya. "Ashe ranar da ta ƙi ji ce za ta kai ta."

"Ni ma ranar na so ta yi shiru," in ji Yaya.

Amariya ta dube ta, ta share ido da bakin zane. Sannan ta jawo benci ta ce mata ta zauna, bari ta hura wuta.